Fomular TODAY() ta ƙi nuna ayyukan da suka wuce lokaci a shagon firintin

Tambaya: Salam Malam. Ni ke riƙe da lissafin oda a shagon firintin na yayana a Tudun Wada, katin biki, bana ta ratayewa, kalanda da sauransu. Na yi tebur a Excel, A sunan aiki, B kwastoma, C ranar da za a ba da aiki, D matsayi, a E na sa `=IF(C2<TODAY(),"Ya wuce","")`. Amma wallahi wasu sun wuce lokaci ba ya nuna su, wasu kuma mun gama mun ba da yana cewa sun wuce, har layin da ba komai ma yana rubuta Ya wuce. Don Allah ina na yi kuskure?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Fomular taka ba ta da laifi a rubuce, abin da ka gaya mata shi take yi, sai dai abu ɗaya tak ka tambaye ta alhali abu uku ya kamata ta duba, kuma na kusa rantsewa babbar matsalar ma ba a E take ba, tana cikin C inda kake rubuta ranakun. Bari mu fara daga can domin in ba a gyara can ba duk fomular da zan ba ka a banza ne.

Excel bai san wani abu wai shi kwanan wata ba, lamba kawai ya sani. Yana ƙirga kwanaki ne tun daga 1 ga Janairu 1900, wannan ranar ita ce lamba 1, kowace rana a ƙara ɗaya, shi ya sa 1 ga Janairu 2025 a wurinsa 45658 ce. Wannan 01/01/2025 da kake gani riga ce kawai aka sa wa lambar don ido. To TODAY() ma lamba take bayarwa, lambar yau, don haka C2<TODAY() ma'anarsa shin lambar da ke C2 ba ta kai ta yau ba. In abin da ke C2 lamba ce lafiya lau, in kuma ba lamba ba ce nan ne rikicin yake farawa.

Mu ɗauka yau Litinin 17 ga Maris 2025, lambarta 45733. Kana da odar bana ta wata makarantar Islamiyya da ya kamata a ba da ranar Juma'a 14 ga wata, ka rubuta 14/03/2025. Yawancin laftof ɗin da muke saya a nan, musamman na hannu, da saitin Amurka suke zuwa, su kuma can wata suke fara rubutawa sannan rana. Excel zai kalli 14 ɗin a matsayin wata, ya ga babu wata na 14, ba zai yi maka ƙorafi ba ko kaɗan, kawai sai ya ajiye abin a matsayin rubutu kamar yadda ya ajiye sunan kwastoma. Kuma ƙa'idar Excel wajen gwada girma ita ce kowane rubutu ya fi kowace lamba girma, don haka tambayar shin bai kai 45733 ba amsarta a'a ce yau, a'a ce gobe, a'a ce har shekara ta zagayo. Wannan aikin ba zai taɓa nuna Ya wuce ba.

Akwai wadda ta fi wannan muni kuma ita nake so ka fi kula da ita. Katin bikin da za a karɓa 10 ga Maris, ka rubuta 10/03/2025. Wannan karon Excel ya karɓa da hannu biyu saboda akwai wata na 10, sai ya ajiye maka 3 ga Oktoba, lamba 45933 maimakon 45726. Kai ka duba allo ka ga 10/3/2025 ka ce daidai ne, shi kuma a lissafinsa saura kwana 200 cif, alhali an yi mako guda da wuce ranar, ƙila iyayen amarya ma sun zo shago sau biyu. Haka kuma ta ɗaya ɓangaren, kalandar da sai 3 ga Afrilu za a ba da, 03/04/2025, zai karanta ta 4 ga Maris ya ce maka ta wuce da kwana 13. Ka ga ke nan duk ranar da ke tsakanin 1 da 12 ga wata ana juya ta, daga 13 zuwa ƙarshen wata kuma ta koma rubutu, shi ya sa teburin yake maka kamar mai aljanu, wani layi ya yi daidai wani ya ƙi.

Yadda za ka gane ba wuya. Ka buɗa faɗin kwalam C sosai ka duba, in ba ka taɓa saitin jeri ba lamba tana jingina dama, rubutu yana jingina hagu, duk ranar da ka ga ta lafe a hagu rubutu ce. In kana so ka tabbatar ka sa wannan a wani kwalam da ba kowa ka ja shi ƙasa:

```
=ISNUMBER(C2)
```

Duk inda ya ce FALSE kuma akwai abu a rubuce, ba rana ba ce a wurin Excel. Su kuwa waɗanda aka juya TRUE za su ba ka domin lambobi ne na gaske, sai dai lambar wata rana daban, don haka su sai ka haskaka kwalam C gaba ɗaya ka danna Ctrl+1, ka shiga Custom ka rubuta dd-mmm-yyyy. Nan take za ka ga 03-Oct-2025 a inda kake zaton Maris. Ni duk teburin da na yi wa mutum haka nake barin ranakunsa har abada, sunan wata a rubuce, domin ido ba ya ruɗewa da Mar da Oct yadda yake ruɗewa da 03 da 10.

Gyaran kuma, kafin komai ka yi kwafin fayil ɗin ka ajiye gefe. Sannan ka haskaka kwalam C, ka je Data, Text to Columns, Next, Next, a mataki na uku ka zaɓi Date ka sa DMY ka danna Finish, waɗanda suka zama rubutu za su koma ranakun gaske. Bayan nan ka ɗauko littafin oda ko rasit, ka bi duk ranakun da lambobinsu biyu na farko ba su wuce 12 ba ɗaya bayan ɗaya ka gwada da abin da ke takarda, kar ka yarda da su don sun yi kyau a ido. In kaɗan ne ka sake rubutawa da hannu, in da yawa ne kuma ka tabbata juyayyu ne ka sa wannan a wani kwalam daban zai mayar maka da su, sai ka kwafa ka manna Values kawai a C:

```
=DATE(YEAR(C2),DAY(C2),MONTH(C2))
```

Amma a kan juyayyun kawai fa, in ka sa shi kan mai lafiya ɓata ta zai yi. Sai tushen abin, ka shiga Control Panel, Region, ka mayar da Format zuwa English (United Kingdom), daga nan duk abin da ka rubuta rana kafin wata zai shiga daidai. Wannan saitin na gaba yake gyarawa, bai taɓa waɗanda suka riga suka shiga. In wata rana kuka koma Google Sheets don yayanka ya riƙa gani a waya, can saitin yana jikin fayil ɗin ne, File, Settings, Locale, ka sa United Kingdom.

Layin da ba komai shi mai sauƙi ne, akwatin da ba a rubuta komai ba Excel sifili yake ɗaukarsa in ana gwada shi da lamba, sifili kuwa bai kai 45733 ba, sai ya ce ya wuce. Wanda aka gama kuma ai fomular ba ta leƙa D ba sam. To ga wadda zan ba ka, ka sa a E2:

```
=IF(A2="","",IF(TRIM(D2)="An gama","",IF(NOT(ISNUMBER(C2)),"Duba rana",IF(C2<TODAY(),"Ya wuce",IF(C2=TODAY(),"Yau ne","")))))
```

Kar tsawonta ya tsorata ka, tambayoyi ne a jere kamar yadda kai kanka za ka yi in kana duba littafi. Akwai aiki a layin nan kuwa, in babu a yi shiru. An gama shi, in eh a yi shiru. Ranar da aka sa rana ce ta gaske, in a'a a rubuta Duba rana. Sai bayan an tsallake waɗannan ukun ne za a gwada da yau. Jerin yana da muhimmanci saboda IF da zarar ya samu eh tsayawa yake bai ƙara duba na gaba.

Za ka ga mutane da yawa suna amfani da gajeriya mai AND wadda take cewa in C ba fanko ba ne kuma bai kai yau ba kuma ba a gama ba to ya wuce. Tana aiki, amma ni gaskiya ba na ba mutane ita, domin ranar da aka manta ba a sa ba ko wadda ta shiga a rubutu shiru za ta yi a kansu, kuma shiru a teburin nan ma'anarsa lafiya lau. Na taɓa ganin wannan a wani ofis da na taimaka wa da tebur irin naka, wata ma'aikaciya ta rubuta rana da ɗigo-ɗigo, 21.02.2025, aikin ya kwana fiye da mako uku ba alama a kansa, sai da mai aikin ya kira ransa a ɓace aka gano. Tun daga lokacin ba na yin tebur ba tare da Duba rana ba. Aikin da ba shi da rana ingantacciya ya fi wanda ya wuce lokaci haɗari, shi wancan aƙalla kana ganinsa.

TRIM ɗin da ke kan D2 shi ma da dalili. Wanda ya rubuta An gama ya ƙara danna sifes a ƙarshe, musamman a waya da kibod ke ƙarawa da kansa, ido ba zai gani ba amma a wurin Excel kalma ce daban, sai aikin da aka ba da tun jiya ya ci gaba da nuna Ya wuce. TRIM yana share wannan. Manyan baƙaƙe da ƙanana ba damuwa, an gama da AN GAMA duk ɗaya ne wurin alamar daidai. Abin da ba zai iya ba shi ne in wani ya rubuta Angama a haɗe, wani An kammala, yaron shago kuma ya sa Ok. Maganin wannan a hana kowa rubutawa da hannu, ka haskaka D, Data, Data Validation, a Allow ka zaɓi List, a Source ka rubuta:

```
Ba a fara ba,Ana kai,An gama
```

Sai kowa ya zaɓa daga ciki. Ka yi wa C ma irinsa, Allow ka sa Date, greater than, ka ba shi wata tsohuwar rana kamar farkon 2020, duk wanda ya rubuta abin da ba rana ba zai ƙi karɓa tun a bakin ƙofa. Iyakarsa dai ka sani, bai duba abin da ke ciki tun da, kuma in mutum ya kwafo daga wani wuri ya manna yana iya wucewa, shi ya sa har yanzu Duba rana ke da amfani.

Mu gwada da teburinka na ranar 17 ɗin nan bayan gyara. Katin biki 10-Mar, Ana kai, zai ce Ya wuce. Bana 14-Mar, Ba a fara ba, Ya wuce. Kalanda 03-Apr shiru. Rasit ɗin wani mai shagon magani da za a karɓa 17-Mar, Yau ne. Fosta da aka karɓi oda aka manta ba a tambayi rana ba, Duba rana. Wanda aka ba da tun 12 ga wata aka zaɓi An gama, shiru. In ɗaya daga cikinsu bai fito haka ba ka koma ISNUMBER a kan layin.

Wata tambaya da za ta zo maka, me zai hana a sa NOW() tunda ita ma yau take bayarwa. Kar ka sa. NOW() tana haɗawa da awa, ƙarfe 12 na ranar 17 a wurinta 45733.5 ne, ranar da ka rubuta kuma 45733 ce cif, don haka aikin da yau ne ranarsa tun da asuba zai fara cewa ya wuce alhali kuna da yini guda.

Yanzu launi, don yayanka ba zai tsaya karanta E ba, da ya leƙo ja yake so ya gani. Ka haskaka daga A2 zuwa E500, ka tabbata daga A2 ka fara ja, Home, Conditional Formatting, New Rule, Use a formula to determine which cells to format, ka rubuta:

```
=$E2="Ya wuce"
```

Ka zaɓi ja mai haske a Format, Fill. Ka sake yin wata dokar da "Duba rana" ka ba ta ruwan ɗorawa. Duk sirrin yana kan alamar dala ɗin nan. Dala kafin E tana cewa kowane akwati a layin ya kalli kwalam E, rashin dala kafin 2 kuma yana barin lambar layi ta riƙa sauka. In ka danna akwatin da mawus maimakon ka rubuta, Excel da kansa zai sa $E$2, sai ka ga ko dai teburin duka ya yi ja ko ba wanda ya yi, domin kowa layi na 2 yake kallo. In kuma ka ga jan yana sauka a layin sama ko ƙasa da wanda ya kamata, to ka haskaka ne daga layi na 1 ka rubuta 2 a fomula, ka gyara Applies to a Manage Rules. Na fi son launi ya dogara da E maimakon a sake rubuta doguwar fomular a cikin dokar, domin ranar da za ka canza wani abu wuri ɗaya za ka taɓa.

In kana so ka san wanne za a fara ɗorawa kan inji, sai ka san kwana nawa kowanne ya yi latti. A F2:

```
=IF(E2="Ya wuce",TODAY()-C2,"")
```

Katin biki zai ba ka 7, bana 3. In ka ga ya fito da wani abu kamar 07-Jan-1900 ba lalacewa ya yi ba, rigar rana ce ya ara daga C, ka mayar da kwalam ɗin General. Wannan kwanakin kalanda ne har da Lahadi. In kwanakin aiki kake so to a nan Kaduna sai ka yi hankali, don ba kowa ke da mako iri ɗaya ba, ku ƙila Litinin zuwa Asabar kuke buɗewa, banki Litinin zuwa Juma'a, gwamnatin jiha kuma a Disamba 2021 ta kawo wa ma'aikatanta tsarin kwana huɗu, Litinin zuwa Alhamis. NETWORKDAYS.INTL tana karɓar lambobi bakwai daga Litinin zuwa Lahadi, 1 hutu, 0 aiki:

```
=IF(E2="Ya wuce",NETWORKDAYS.INTL(C2+1,TODAY(),"0000001",$H$2:$H$20),"")
```

Wannan Lahadi kaɗai ya cire. Aikin da ranarsa Alhamis 13 ga Maris, zuwa Litinin 17 kwana 4 ne a kalanda, 3 a shagonku, 2 da "0000011", 1 kacal da "0000111" na masu kwana huɗu. C2+1 ɗin saboda tana ƙirga ranar farko da ta ƙarshe duka, in ba ka ƙara ɗayan ba ranar alƙawarin kanta za ta shiga cikin latti. H2 zuwa H20 nan za ka jera ranakun hutu, kuma na Sallah ƙarama da babba da Maulidi da hannu za ka sa duk shekara bayan an sanar, Excel bai san ganin wata ba. Amma in ka tambaye ni, ga kwastoman da ya ba da katin biki kwanan kalanda ne gaskiya, shi Lahadi ma jira yake, na kwanan aiki ya fi dacewa da takardar da kuka kai wani ofis kuna jiran sa hannu.

Sai agogo. TODAY() a Excel daga agogon kwamfutarka take karanta yau, kuma tsofaffin kwamfutocin shago da ƙaramin batirin agogon da ke cikinsu ya mutu, da an ɗauke wuta an dawo sai kwanan wata ya koma shekarun baya, teburin ya yi fari tas kamar ba ku da bashin aikin kowa. Don haka ka sa =TODAY() a wani akwati can sama inda ido zai riƙa faɗawa kai, kusa da shi kuma `=COUNTIF(E:E,"Ya wuce")` don ka ga adadi. In ranar ta ƙi motsawa alhali agogon daidai yake, ko dai fayil ɗin ya kwana a buɗe ba a taɓa shi ba, ka danna F9, ko kuma an mayar da Calculation Options da ke Formulas zuwa Manual, ka dawo da shi Automatic. A Google Sheets kuma Time zone na fayil ɗin ake bi, ka duba yana kan lokacin Najeriya.

Abu ɗaya da wannan tsarin ba zai yi maka ba, ba ya riƙe tarihi. Da ka zaɓi An gama jan ya ɓace, ƙarshen wata in yayanka ya ce oda nawa muka ba da a makare ba ka da amsa. In kuna buƙatar wannan ka ƙara kwalam G na ranar da aka ba da aiki, ka riƙa danna Ctrl da ; tare, yana buga ranar yau a daskare. Kar ka kuskura ka sa TODAY() a nan don gobe ma canzawa za ta yi, duk ayyukan su zama yau aka ba da su. G2-C2 sai ya ba ka lattin kowane aiki, katin bikin nan in an ba da shi 18 ga wata 8 zai nuna kuma haka zai zauna. Shi ma G ɗin ka yi masa Data Validation na Date da rigar dd-mmm-yyyy kamar C, kuma in layukan sun kusa kai 500 ka tuna ka ja fomular E ƙasa ka faɗaɗa Applies to ɗin launin.